Raguwar ƙwayoyin daskarar da jini a lokacin zazzaɓi

Ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ma'aikatan lafiya ke kira filatilet, ƙananan halittu ne da ɓargo ke samarwa domin toshe jijiyar da ta yi rauni. A jikin baligi mai lafiya akan samu tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita ta jini. A takardar gwaji ana rubuta su da alamar PLT, kuma galibi akan cire sifili uku, wato 90 na nufin 90,000.

Kowace ƙwaya takan yi kwana bakwai zuwa goma ne kawai kafin ɓargo ya maye gurbinta. Saboda haka duk cutar da ta rage wa ɓargo aiki, ko ta sa ana cinye ƙwayoyin da sauri, kan sauya adadinsu cikin kwana ɗaya ko biyu. Sakamako guda yana faɗin inda adadin yake ne a safiyar da aka ɗebi jinin, ba ya faɗin ko sauka yake yi ko hawa.

An fi fahimtar wannan a zazzaɓin dengi, wanda hukumomin lafiya suka tabbatar da ɓullarsa a Jihar Sakkwato a shekarar 2023. A kwanakin farko jiki kan yi zafi sosai, amma ƙwayoyin kan kasance kusan daidai. Sukan fara sauka wajen kwana na uku, su kai ƙarshen saukarsu tsakanin kwana na biyar da na bakwai, daidai lokacin da zafin jiki ke yin sauƙi har dangi su ɗauka an samu lafiya. A wannan gaɓa, wadda kan ɗauki awa 24 zuwa 48, ruwan jini na iya tsiyayewa daga jijiyoyi zuwa ciki da ƙirji, jinin da ya rage ya yi kauri. Wannan tsiyaya ita ta fi jefa majinyaci cikin haɗari, ba ƙarancin ƙwayoyin kansa ba.

A ɗauki misalin majinyata biyu da takardarsu ta nuna 90,000 a rana ɗaya. Na farko yana kwana na huɗu da fara zazzaɓi, kuma jiya adadinsa 160,000 ne. Washegari ya faɗo zuwa 50,000, awon kaurin jininsa, wanda ake rubutawa PCV, ya tashi daga 40 zuwa 48, ga ciwon ciki da amai. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari ke nan, alamar cewa ruwan jini na tsiyayewa, kuma dole a kwantar da shi a yi masa ƙarin ruwa bisa ƙa'ida. Na biyu yana kwana na takwas: shekaranjiya 40,000, jiya 60,000, yau 90,000, ya fara cin abinci, fitsarinsa ya dawo yadda yake. Wannan yana hanyar komawa gida. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2009, ba ta sanya wani adadi guda cikin alamomin haɗari ba. Abin da ta ambata shi ne saukar ƙwayoyin da sauri tare da ƙaruwar kaurin jini.

A Najeriya zazzaɓin cizon sauro ne ya fi jawo wannan raguwa. A nan ba kasafai ake zubar jini ba, kuma adadin kan farfaɗo cikin kimanin mako guda da fara magani mai inganci. Idan ya ci gaba da sauka duk da magani, likita zai nemi wani dalili, kamar shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Zazzaɓin Lassa kuwa yakan raunana aikin ƙwayoyin ko da adadinsu bai faɗi sosai ba.

Wani lokaci kuskuren daga kwalbar gwaji ne: ƙwayoyin kan dunƙule, na'ura ta ƙirga su kaɗan. Duba jinin da madubin likita ko sake ɗibarsa kan warware wannan. Ya fi kyau a riƙa yin gwajin a wuri ɗaya, a adana takardun a jere, a kuma riƙe ranar da zazzaɓi ya fara, domin daga ita ake lissafin kwanaki.

Dangi kan matsa a yi wa majinyaci ƙarin waɗannan ƙwayoyi da zarar sun ga adadin ya faɗi, alhali bincike bai nuna amfanin hakan ga mai dengi da ba ya zubar jini ba. Abin da ya wajaba a kiyaye shi ne asfirin, ibufurofen da daikulofinak, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Farasitamol ake sha, ba tare da wuce ƙima ba. Jini daga dasashi ko hanci, baƙin bayan gida, amai ba ƙaƙƙautawa, sanyin hannu da ƙafa, ko yawan magagi, duk dalilai ne na garzayawa asibiti nan take, komai kyan sakamakon jiya.