Littafin gwajin tirif

Makonni kaɗan kafin in ajiye aiki, wani matashin injiniya ya shigo ofis da takardar dillali a hannu yana murna, wai sabuwar na'urar da aka sayo mana SIL 3 ce, saboda haka tanderunmu ya zama SIL 3. Yaron mai ƙwazo ne, kuma abin da aka koya masa ya faɗa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na sha jin ta daga bakin waɗanda suka girme shi, har da masu sa hannu a kan kuɗi. Akwatin ƙarfe ba ya ba masana'anta SIL. Lambar ta aiki guda ce, tun daga abin da ke auna haɗarin, zuwa abin da ke yanke hukunci, zuwa bawul ɗin da zai rufe. Satifiket ɗin dillali cewa kawai yake yi wannan yanki ya cancanci a sa shi cikin irin wannan aiki.

Lokacin da muka shiga wannan sana'a babu wanda ya san SIL. Tirif muke cewa. Bayan ɗakin sarrafawa akwai dogayen fanel cike da rile, idan injin ya faɗi sai ka ji suna ƙas-ƙas kamar ana fasa gyaɗa. Duka an ɗaura su ne a kan ƙa'ida ɗaya: wuta ce ke riƙe bawul a buɗe. Waya ta tsinke, fis ya ƙone, ko iskar da ke danne sifirin ta tsiyaye, bawul ɗin gas ya rufe da kansa. Wannan hikimar ba ta tsufa ba, har gobe a kanta ake gini. Abin da ta kasa kamawa shi ne lalacewar da ba ta nuna kanta: bakin rile ya manne, solanoyid ya daskare da datti, sandar bawul ta cije a inda take. Komai zai yi ta tafiya lafiya lau, fitila kore, har ranar da ake buƙatarsa.

Maganin wannan a wurinmu littafi ne, babba mai baƙin bango, kuma mai littafin shi ne tsohon foman ɗinmu, wanda kowa ke kira Baba. Ranar gwaji yakan raba mu uku. Ɗaya yana wurin tiransimita da famfon hannu, ɗaya a gaban fanel, ɗaya kuma tsaye kusa da bawul da agogo da rediyo. Na farko zai rage matsin a hankali, yana kiran lamba, har rile ya saki. A rubuta lambar da ya saki a kanta, ba wadda ya kamata ya saki a kanta ba. Na kusa da bawul ya ƙirga daƙiƙun da ya ɗauka kafin ya zauna, ya duba da idonsa cewa sandar ta kai ƙarshe, domin fitilar fanel labarin suwic kawai take bayarwa.

Akwai abin da Baba ba ya yafewa. Wata rana wani abokin aikinmu, da kyakkyawar niyya, ya je da sassafe ya zuba wa sandar bawul mai, ya motsa ta sau biyu don kada mu ji kunya a gaban manya. Baba ya ga danshin man a jikin ƙarfen, ya rufe littafin. Ya ce, “Ɗana, ka goge mini amsar da na zo nema. Ina so in san ko da wuta ta tashi jiya da dare wannan bawul zai rufe. Yanzu babu mai iya gaya mini.” A shafin ranar ya rubuta cewa ba a yi gwaji ba. Kowane shafi layi biyu ne da shi, yadda aka tarar da yadda aka bari, kuma na farkon ne ya fi daraja a wurinsa.

Shekaru da yawa bayan haka, da na karanta rahoton gobarar Buncefield, shi na tuna. A ranar 11 ga Disamba 2005, a wata ma'ajiyar mai kusa da Hemel Hempstead a Ingila, ana cika tanki mai lamba 912 da fetur sai ma'aunin da ke nuna tsayin man ya maƙale, abin da ya riga ya sha yi a watannin baya. Akwai suwic na daban a saman tankin wanda aikinsa ke nan, ya tsayar da shigar mai idan ya kai maƙura. Suwic ɗin yana da ɗan hannu na gwaji, kuma sai an sa masa kwaɗo ne yake tsayawa a matsayin aiki. Ba a sa kwaɗon ba, domin waɗanda ke wurin ba su san cewa aikin na'urar ya rataya a kansa ba. Fetur sama da lita 250,000 ya malalo, tururinsa ya kama, fiye da mutum 40 suka ji rauni, wuta ta yi kwanaki tana ci. Layin Baba na biyu ke nan, yadda aka bari. Shi ba ya barin wuri sai ya zagaya ya taɓa kowane bawul na keɓewa da hannunsa, ya ƙirga wayoyin tsallake da aka cire ya ga sun yi daidai da waɗanda aka sa.

Na yi gaba da yawa. Kafin Buncefield an riga an sha wuya a Flixborough a 1974, da Bhopal a 1984, da Piper Alpha a 1988, kuma a daidai wannan zamani ne PLC ya soma korar rile daga fanel. Rile kana iya cewa ga yadda zai lalace. Manhaja kuwa ba ka ganin cikinta, shi ya sa aka matsu a sami ma'auni. Jamusawa suka fito da matakansu na AK, Amurkawa suka fitar da ISA S84.01 a 1996, sai IEC 61508 ya fito tsakanin 1998 da 2000, sannan IEC 61511 na masana'antun mai da sinadarai a 2003. Da takardun suka iso gare mu, tsofaffi da yawa sun ɗauka aikin ofis ne kawai. Ni ban ga haka ba. A karo na farko an ba mu hanyar da za mu nuna wa manaja, da lissafi, abin da ɗage gwaji yake ci.

Ga yadda abin yake a tanderu irin wanda na fi sani. Ɗanyen mai yana bi ta cikin bututu, wutar gas tana dafa shi daga waje. Idan gudun man ya ragu ƙwarai wutar kuma tana ci, bututun zai yi zafi har ya fashe, mai ya zubo cikin wuta. Aikin kariyar shi ne a ga gudu ya faɗi, a rufe gas. Mu ɗauka a zaman LOPA an amince cewa na'urar sarrafa gudun za ta iya kuskurewa sau ɗaya a shekara 10, kuma ma'aikaci zai ji ƙararrawa mai zaman kanta ya gyara sau tara cikin goma. Saura sau ɗaya a shekara 100. Idan kamfani ya ce irin wannan haɗari ba zai lamunta ba fiye da sau ɗaya a shekara 10,000, to tirif ɗin sai ya rage haɗarin fiye da ninki 100. Nan ne iyakar SIL 2, wanda ke tsakanin ninki 100 da 1,000. SIL 1 daga 10 zuwa 100 ne, SIL 3 daga 1,000 zuwa 10,000. Wato SIL 2 alkawari ne cewa cikin kira ɗari, a matsakaici, ba za a sami ko ɗaya cikakke da aka kira bai amsa ba.

Ko kayan da ke jikin tanderun sun cika alkawarin, ga lissafi mafi sauƙi na layi guda marar mataimaki:

```
PFDavg ≈ λDU × TI / 2
```

λDU yawan ɓoyayyar lalacewa mai haɗari ce a shekara, TI kuma tazarar da ke tsakanin gwaji da gwaji. An raba biyu ne domin lalacewar tana iya zuwa a kowane lokaci, saboda haka a matsakaici rabin tazarar take yi a ɓoye. Mu ce, don misali, tiransimita 0.002 ne, bawul da solanoyid ɗinsa 0.008, na'urar yanke hukunci kuwa kasonta ƙanƙane ne har ba ya motsa jimlar. Jimla 0.01. Idan ana gwaji duk shekara, amsa 0.005 ce, ninki 200, SIL 2 ya tabbata. Sai a ce kasuwa ta yi kyau, ba za a tsayar da injin ba sai bayan shekara huɗu. Ba a canja ko ƙusa ɗaya ba, amma amsa ta koma 0.02, ninki 50. An faɗo SIL 1, haɗarin ya ninka abin da kamfanin da kansa ya ce zai lamunta, takardar da ke cikin fayil kuma tana nan tana cewa SIL 2. Dubi kuma inda nauyin yake: kashi huɗu cikin biyar a kan bawul. Ka sayi na'urar SIL 3 mafi tsada a duniya, wannan kaso ba zai ragu ba.

Akwai hanyoyin gaskiya na tsawaita tazara. Ana jera bawul biyu a layin gas, ko a sa tiransimita uku a bi ra'ayin biyu, abin da muke rubutawa 2oo3, muddin ba bututun awo ɗaya suke sha ba, don in ya toshe duka ukun ƙarya ɗaya za su yi. Ana kuma ɗan motsa bawul kaɗan injin yana tafiya, a ga ko sandar ta cije. Wannan yana da amfani, amma bai gaya maka ko bawul ɗin zai zauna ya toshe gas ɗin gaba ɗaya ba, kuma na ga wuraren da aka mai da shi madadin cikakken gwaji. Shi kansa lissafin da ke sama ya ɗauka cewa gwajin yana tono kowace lalacewa. Gwajin da aka yi daga allon kwamfuta, aka tilasta lamba a manhaja ba tare da an taɓa tiransimita ba, ya tsallake bututun awo da duk abin da ya taru a cikinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne makomar littattafan. Lambobin λDU da matasanmu ke zubawa a manhaja yawanci daga takardar dillali suke, ko daga tarin bayanai irin OREDA, wanda kamfanonin haƙar mai a teku suka soma haɗawa a farkon shekarun 1980. Bayanai ne masu kyau, amma solanoyid ɗin da ke Tekun Arewa bai taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba, bai yi watan Afrilu a rana a nan ba, kuma wataƙila iskar da ke tura shi ta fi tamu bushewa. Bugun IEC 61511 na 2016 ya nemi lambobin da za a yi lissafi da su su zama masu tushe, daga kayan da suka yi aiki a yanayi irin naka. Mu kuwa muna da su, shekara da shekaru, bawul bayan bawul, da rubutun hannun Baba da na waɗanda ya koyar. Da aka koma kwamfuta sai aka kwashe littattafan zuwa wani sito mai yoyo, damina biyu ta gama da su. Fom ɗin da ya maye gurbinsu gurbi ɗaya gare shi, a danna an ci ko an faɗi, kuma ana cika shi ne bayan an gama gyara.