Walimar baƙin aiki a Matameye: yadda ake zaɓen gidan abinci

Sau da yawa ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwa kan karɓi baƙi a nan Matameye, wasu daga Damagaram, wasu daga Daura, wasu daga nesa. Idan an gama zama sai a ce a je a ci abinci, to a nan ake samun matsala. Wani addininsa ya hana shi wani abu, wani kuma likita ne ya hana shi.

Mu ɗauki misali. Ƙungiyar masu noman rani za ta karɓi baƙi huɗu ranar Juma'a, cikin azumin Kirista na kwana 40 kafin Ista: Alhaji mai ciwon suga, Hajiya mai hawan jini, Kirista ɗan Katolika, da wata baƙuwa da jikinta ba ya karɓar gyaɗa.

Abu na farko, a tambayi baƙin tun kwana biyu kafin zuwansu. Ba rashin kunya ba ne a ce: "Alhaji, akwai abin da likita ya hana?" Daga nan sai mutum ɗaya ya taka har gidan abincin ya ga mai girki ido da ido. Tambayar da za ta raba gardama ita ce: za ki iya ɗora mana tukunya dabam? Wurin da ke da miya ɗaya tal, wadda aka haɗa tun safe, ba zai yi ba, ko da yana da fanka da kujeru masu kyau.

A fara da maganar gyaɗa, don ita ce ke iya kai wa ga rasa rai. A girkinmu gyaɗa ɓuya take. Tana cikin yajin tsire, tana cikin kilishi, tana cikin kwaɗon zogale, ga kuma man gyaɗa da ake zuba wa dambu. Mai girki na iya rantsuwa cewa ba ta sa gyaɗa ba, alhali da manta ta yi suya. Saboda haka a nemi ganin man, a kuma ware ludayi da faranti. Idan bayan cin abinci leɓe ya kumbura, jiki ya yi borin jini, ko numfashi ya fara sarƙewa, kar a tsaya jiƙe-jiƙe, a wuce asibiti nan take.

Ita Hajiya, gishiri ne abokin gabarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ɗanɗanon magi kuwa yawancinsa gishiri ne. Sai a ce a ɗebe mata miya kafin a zuba gishiri da magi, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa.

Shi Alhaji, lokaci ma magani ne. Wanda ya sha maganin suga ko ya yi allura, idan abinci ya yi jinkiri suga na iya faɗuwa. Alamarsa rawar jiki, gumi da jiri, kuma a wannan halin suga ko lemo mai zaƙi ake ba shi da sauri. Tunda Juma'a ce, a tsayar da magana ɗaya: ko a ci kafin a tafi masallaci, ko abinci ya zama a shirye da an sauko. A farantinsa ganye ya fi yawa, shinkafa kaɗan, abin sha kuma ruwa. Zoɓo da fura a kawo su ba suga.

Ɓangaren addini ya fi sauƙi. Naman garinmu yankan mahauta Musulmi ne, ba a shakka. Sai dai idan walimar a wani otel na babban gari za a yi, a tambaya ko ana sayar da giya a wurin, don akwai baƙon da ba zai zauna ba. Ɗan Katolika kuma ba ya cin nama ranakun Juma'a na azuminsu, amma kifi da ƙwai sun halatta gare shi. A kula, miyar da aka dafa nama a ciki aka tsame, wani ba zai so ta ba.

To, ga abin da za mu ce a girka: farar shinkafa, miyar tumatir marar nama da man da ba na gyaɗa ba, gasasshiyar zabuwa a faranti ɗaya, kifi a wani, sai dafaffen zogale da albasa. Gishiri da barkono a ajiye gefe, mai so ya ƙara. Ƙuli-ƙuli kuwa ranar ya yi haƙuri.

A biya kuɗin cefane tun jajibere, a koma da hantsi a leƙa tukunya. Allah ya sa a tashi taro lafiya.