Aro, Yanka ko Sake Kaɗawa: Sunan Abin da Mawaƙin Hip Hop Ya Ɗauka

Ɗalibin digirin farko da zai yi takarda kan haƙƙin mallaka a waƙoƙin hip hop yakan fara da "satar fasaha" ko "aro". Duk biyun sun yi faɗi, domin kotunan Amurka ba da su suke yanke hukunci ba. Tambayarsu ita ce: me aka ɗauka, kuma na wa ne?

Abin da masu sana'ar ke kira samfilin shi ne a yanko sauti daga faifan wani, ainihin sautin da aka naɗa, a dasa shi cikin sabon kiɗa. Intafoleshan kuwa, a sa makaɗa su sake kaɗa karin da hannunsu. Haka aka yi a "Rapper's Delight" ta 1979, inda aka sake kaɗa kiɗan "Good Times" ta ƙungiyar Chic. Mutane da yawa har yau samfilin suke ce masa, alhali makaɗa ne suka sake kaɗa karin.

Bambancin yana da nauyi saboda waƙa ɗaya tana ɗauke da haƙƙi biyu. Akwai na wanda ya tsara kari da baituka, akwai kuma na mai faifan da aka naɗa, wanda galibi kamfani ne. Mai sake kaɗawa izini ɗaya yake nema. Mai yanka, biyu.

Shari'ar James Newton ta fito da wannan fili. Newton mabushin sarewa ne na kiɗan jaz, kuma kamfanin ECM ne ya mallaki faifan waƙarsa "Choir". Beastie Boys suka biya ECM dala 1,000, suka yanki daƙiƙa shida, suka yi ta maimaita su a "Pass the Mic" ta 1992. Shi kansa Newton ba su tuntuɓe shi ba, sai ya kai ƙara a matsayinsa na mai tsara karin. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta ce salon busarsa yana cikin faifan da aka riga aka biya. Abin da ya rage nasa a rubuce sauti uku ne kacal, waɗanda mai saurare ba zai gane daga ina suka fito ba. Newton ya faɗi shari'ar. A ganina hukuncin ya bi doka, amma ya bar mutumin da numfashinsa ne ake ji a waƙar hannu rabbana.

Kada ɗalibi ya ɗauka ƙanƙantar abin da aka yanka tana wanke kowa. A 2005, a shari'ar Bridgeport, wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce daƙiƙa biyu na jitar Funkadelic da N.W.A suka yanka ma sai da izini, tunda wannan karon a kan faifan ake jayayya.

Don haka, ɗalibi, kafin ka rubuta "sata" a takardarka, faɗi ko yanka aka yi ko sake kaɗawa, sannan ka faɗi wane haƙƙi mai ƙara yake riƙe da shi.