Takardar Da Ta Tara Mutum 37,000 A Layin Gwajin Fim

Kafin shekarar 1971, idan wani kamfani a Hollywood zai shirya fim, sai wakilan 'yan wasa su yi tattaki har ofishinsa, su zauna su karanta labarin tun daga farko har ƙarshe, sannan su gane wane ne cikin yaransu zai dace da wane rol. Wani matashi mai suna Gary Marsh, wanda mahaifiyarsa wakiliyar 'yan wasa ce, shi ne ya fara yi mata wannan karatun. Sai ya riƙa fitar da kowane mutum da ke cikin labarin, yana rubuta shekarunsa da halinsa da girman rol ɗinsa a 'yan layuka. Daga nan ya kafa kamfanin Breakdown Services a Los Angeles a 1971, yana raba wa wakilai irin wannan takarda.

To amma takardar Marsh ta 'yan gida ce, wakili ke karanta ta, shi kuwa ya san kan sana'ar. Wahalar tana ga ranar da aka ce kowa ma ya zo gwaji. A nan, yaron da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba shi zai karanta, ya yanke wa kansa hukuncin ko da shi ake.

A watan Nuwamba na 2013, kamfanin Disney, wanda ya sayi Lucasfilm a 2012, ya fitar da sanarwar neman mutum biyu domin wani babban fim. Ba a faɗi sunan fim ɗin ba, amma nan da nan aka gano Star Wars ne. Sunayen da aka sa ma na aro ne, wato Rachel da Thomas.

An ce Rachel marainiya ce, iyayenta sun rasu tun tana ƙarama, ta tashi ita kaɗai a wani gari mai haɗari. Yanzu shekarunta 17, idonta ya buɗe, tana kare kanta da barkwanci da ƙarfin hali, ba ta yarda a ji tausayinta ba. Thomas kuma ya tashi babu uba, don haka bai gama sanin kansa ba, amma yana da kai, kuma ba ya ja da baya in ta ɓaci.

Ni dai a ganina wannan ɓangaren ya yi. Yarinyar da ta karanta ta san ba kuka ake so ta yi ba don an ce marainiya. Dariya ake so, wadda ke ɓoye ciwo. Sannan takardar ta raba abu biyu da masu sanarwa kan cakuɗa: shekarun wanda ke cikin labari da shekarun ɗan wasa. Za a yi Rachel a matsayin 'yar 17 zuwa 18, amma tilas mai nema ta haura 16. Thomas ɗan 19 zuwa 23 ne, mai nema kuwa sai ya haura 18. Ma'ana, 'yar 22 mai ƙaramar fuska tana iya zuwa. An kuma faɗi ƙarara cewa kowane launin fata na iya shiga.

Inda aka yi sako-sako shi ne siffa. Cewa aka yi ana son kyakkyawa, mai basira, mai kuzarin jiki. Don Allah mai karatu, wace budurwa ce za ta karanta wannan ta ce ba da ita ake ba? Kalmar da kowa ke ganin ta dace da shi ba ta tace kowa. Da an ce sai wanda ya iya dambe, ko hawan doki, ko wanda ya taɓa wasan daɓe, da da yawa sun zauna a gida.

Layi ne ya tona wannan. A Bristol, inda aka fara, jama'a sun yi cincirindo tun da asuba cikin sanyi, har aka rufe layin da wuri aka sallami mutane ba a ko gan su ba. Da Lucasfilm ya ba da lissafi a watan Yuli na 2014, sama da mutum 37,000 ne suka je gwaji a birane 11 na Birtaniya da Amurka da kewaye, wasu 30,000 kuma suka aika ta intanet.

Mutum biyu kamfanin ya sanar an ɗauka daga wannan taro: Crystal Clarke, Ba'amurkiya mai karatun wasan kwaikwayo a Glasgow, da Pip Andersen, gwanin tsalle-tsalle a kan gine-gine. Da fim ɗin The Force Awakens ya fito a Disamba 2015, ƙananan rol suka samu. Rey, yarinyar da ta tashi ita kaɗai a cikin sahara, wadda duk wanda ya karanta bayanin Rachel zai gane ta, Daisy Ridley darakta J.J. Abrams ya ba. Ɗaya babban rol ɗin, Finn, ya faɗa hannun John Boyega, ɗan Landan wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, kuma an riga an san shi tun fim ɗin Attack the Block na 2011. Dukkansu biyu ta hannun wakilansu suka shiga, ba su bi wancan layin ba.