Daga Bronx zuwa Kano: Yadda Amsa-amon Rap Ya Koma Cikin Layi

Ranar 11 ga Agustan 1973, DJ Kool Herc ya kunna faifai a wani shagali a gida mai lamba 1520, titin Sedgwick, a unguwar Bronx ta birnin New York. Daga nan ake ƙirga haihuwar hip-hop. A lokacin, mai riƙe da makirufo bai wuce sanƙira ba: ya kira sunayen mahalarta, ya zuga masu rawa. Ko da rap ta shiga faifai da "Rapper's Delight" ta Sugarhill Gang a 1979, tsarinta mai sauƙi ne. Amsa-amo yana zaune a ƙarshen layi, yawanci gaɓa ɗaya, mai sauraro kuma kan san inda zai faɗo tun kafin mawaƙi ya kai can.

Jigon ne ya fara sauyawa. A 1982 Grandmaster Flash and the Furious Five suka fitar da "The Message", inda Melle Mel da Duke Bootee suka zayyana talauci da matsin rayuwar unguwannin New York. Tun daga nan birni ya zama babban abin da mawaƙan rap ke wassafawa. Sai dai labari mai nauyi yana buƙatar kalmomi da yawa, tsohon layi kuwa ya yi masa kaɗan.

Wanda aka fi danganta sabon salon da shi shi ne Rakim, ɗan Wyandanch a Long Island. Ya busa saksofon yana yaro, kuma ya sha faɗin cewa salon John Coltrane, gwanin kiɗan jaz, yake son kawowa cikin magana. A kundin "Paid in Full" na 1987, wanda suka yi da Eric B., ya bar ihu ya koma murya a natse, ya riƙa dasa amsa-amo a tsakiyar layi, yana kuma daidaita gaɓa biyu ko uku a lokaci guda. Ya bayyana cewa yakan ɗiga ɗigo 16 a takarda, kowane layi da nasa, domin ya ga yawan gaɓoɓin da gurbin zai ɗauka. Big Daddy Kane da Kool G Rap suka ƙara wa salon kauri a ƙarshen shekarun 1980. A 1994 Nas ya haɗa shi da jigon birni a "Illmatic", wanda ya kafu a kan rayuwar rukunin gidajen Queensbridge.

Wannan awon shi ne mai koyo ya gada a yau. Baiti layi 16 ne, kowane layi bugu huɗu. Idan kiɗan yana bugu 90 a minti, baitin zai ci kusan daƙiƙa 43. Kowane bugu yana rabuwa gida huɗu, don haka layi yana da gurbi 16, wanda ya cike su duka kuwa bai bar wa kansa wurin numfashi ba.

Da rap ta iso ƙasar Hausa, inda ake ce mata gambarar zamani, ta tarar rubutacciyar waƙa ta daɗe da sanin amsa-amon ciki da na waje. Baƙon abu shi ne daidaita gaɓoɓi uku a jere a kan bugu. A ɗauki matashin da ke son wassafa safiyar Kano. Zai fara tara kalmomi gida biyu: kasuwa, damuwa, rayuwa a gefe guda, tafiya, gajiya, lafiya a ɗaya gefen. Gidan farko ya tsare ƙarshen layi, na biyu ya shiga ciki:

Na kama tafiya, gajiya ta bi ni kasuwa,
Hayaƙi ya ci lafiya, haya ta ƙara damuwa.

Layin farko gaɓa 15 ne, akwai gurbi ɗaya na numfashi. Na biyu 16 ne cif, ga shi "la" ta lafiya doguwa ce, ta fi "ta" ta tafiya cin lokaci. Alamar matsala ita ce mawaƙi ya riƙa haɗiye ƙarshen "damuwa", ko ya makara a farkon layi na gaba. Gyaran kalma ɗaya ne: a sa "Ƙura ta ci lafiya", layin ya dawo 15, hoton titi kuma bai ɓace ba.

Ɗaya kuskuren da sababbin hannu ke yawan yi shi ne jawo kalma don sautinta kawai. "Garkuwa" ta dace da "kasuwa" a kunne, amma idan ba ta da aiki a labarin safiyar, sai ta yanke zaren. Shi ya sa aikin Nas ya yi fice: amsa-amonsa masu kauri ne, duk da haka mai sauraro yana iya bin abin da ke faruwa a Queensbridge layi bayan layi. A 2021 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya zaɓi "Illmatic" cikin faifan da ake adanawa a kundin tarihin ƙasar.