Rigar Maigadi: Yadda Murnau Ya Ba da Labari Ba da Magana Ba

A shekarar 1924 kamfanin UFA na Jamus ya fitar da fim ɗin Der letzte Mann, wanda F. W. Murnau ya ba da umarni, Carl Mayer ya rubuta, Karl Freund kuma ya riƙe kyamara. Yawancin finafinan wancan zamani sukan katse hoto su nuna allon rubutu ɗauke da abin da ɗan wasa ya faɗa. Wannan fim bai yi haka ba ko sau ɗaya domin hira. Saboda haka shi ne ya fi dacewa a auna abin da hoto ke iya faɗa shi kaɗai, da kuma inda ƙarfinsa ya ƙare.

Labarin ba shi da yawa. Wani dattijo, wanda Emil Jannings ya fito a matsayinsa, shi ne maigadin ƙofar wani babban otal. Yana da doguwar rigar aiki mai maɓallai masu ƙyalli, kuma saboda ita maƙwabtansa talakawa suke girmama shi. Wata rana ana ruwa ya sauke wani akwati mai nauyi, ya gaji, ya zauna yana haki. Manaja ya hango shi, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Washegari dattijon ya iso aiki ya tarar da wani a tsaye a wurinsa, an mayar da shi mai kula da banɗaki.

Mayer ya zuba darajar mutumin gaba ɗaya cikin abu guda da ido ke gani. In yana sanye da rigar, ƙirji a gaba yake tafiya, yana gyara gemu, yana sara wa jama'a. Da aka tuɓe masa ita har maɓalli ya tsinke ya faɗi, sai kafaɗunsa suka zube, ya koma jan ƙafa. Daga nan mai kallo ya san ma'anarta, don haka lokacin da ya sace ta da dare domin ya halarci bikin aure a gidansu, babu mai buƙatar a gaya masa dalili. Sharaɗin dabarar shi ne a koya wa mai kallo darajar abin tun da wuri. Da ba mu ga maƙwabta suna rusuna masa ba, da satar rigar ta zama sata kawai.

Kyamarar ma aiki take yi. Fim ɗin ya buɗe tana saukowa cikin lif, ta ratsa falon otal har ƙofarsa mai juyawa, sai muka san girman wurin kafin mu san mutumin. Da ya bugu a wajen biki, ɗakin ne ke juyawa, ba shi kaɗai ke tangaɗi ba. Wato an daina kallonsa daga waje, an koma gani da idonsa.

Amma akwai iyaka, kuma masu yabon fim ɗin sukan tsallake ta. Hoto yana nuna abin da ya faru, yana nuna yadda aka ji, amma yana shan wuya wajen faɗin hukunci da dalilinsa. Shi ya sa Murnau ya nuna mana takardar sauyin aikin mu karanta, haruffan suna dusashewa a idon dattijon. Haka a ƙarshe sai da aka kawo allon rubutu da labarin jarida kafin a gane cewa ya gaji dukiyar wani attajiri. A ganina wannan sashe ne mafi rauni, domin shi kaɗai ne aka gaya mana ba mu gani ba.

Alfred Hitchcock ya kalli Murnau yana wannan aiki a Jamus, kuma darasin ya bi shi. A farkon fim ɗinsa Rear Window na 1954, kyamara ta bi ƙafar jarumin da aka ɗaure, ta wuce kan fasasshiyar kyamara, ta kai ga hoton hatsarin tseren mota. Kafin jarumin ya buɗe baki mun san sana'arsa da abin da ya kwantar da shi.

Ga mai shirya fim a yau, a Kano ko a ko'ina, gwajin mai sauƙi ne: ya kashe sauti ya kalli fitowar da ya ɗauka. Idan mutum biyu ne a kan kujera, aka kasa gane mai iko da mai roƙo, mai fushi da mai ɓoye magana, to labarin yana cikin takarda, bai shiga hoto ba. Gyaran yakan zo ne daga sauya wanda ke tsaye da wanda ke zaune, da abin da ke hannun kowa, da inda aka ajiye kyamara, sannan a bar wa baki abin da hoto ya kasa, kamar dalili da alkawari da ƙarya.