Tasirin Early a tarihin taransistar BJT

Taransistar BJT, wadda William Shockley ya ƙirƙiro a 1948 a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, tana da sassa uku: emita mai sakin lantarki, kolekta mai karɓarsa, da bes, wato siririn sashen da ke tsakaninsu. Nazarin farko ya ɗauka cewa kwararar lantarki a kolekta ba ruwanta da boltejin kolekta, wato ƙarfin da ke tura lantarkin, amma awo ya nuna cewa tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka ɗaga boltejin.

James M. Early, injiniya a waɗannan ɗakunan bincike, shi ne ya bayyana dalilin a 1952. A mahaɗar bes da kolekta akwai wani yanki da babu masu ɗaukar caji a cikinsa, kuma idan boltej ya ƙaru sai yankin ya faɗaɗa ya ci wani ɓangare na bes, ta yadda hanyar da lantarki zai ratsa za ta gajarce, abin da ke salwanta a cikinta ya ragu, abin da ke isa kolekta kuma ya ƙaru. Idan aka zana kwarara daura da boltej, layukan sukan ɗan karkata sama, in kuma aka miƙa su baya sai su kusan haɗuwa a wuri guda, wanda aka sa wa suna boltejin Early, VA. Daga nan ake samun turjiyar mafita, wato canjin boltej idan aka raba shi da canjin kwararar da ya haifar: ro ≈ VA/IC, inda IC ita ce kwararar kolekta.

Ana kuma ganin wannan tasiri a alfa da beta. Alfa, wadda aka fara amfani da ita tun zamanin taransistar farko ta 1947, ita ce kason kwararar emita da ke isa kolekta, beta kuwa ita ce ninkin kwararar kolekta a kan ta bes, kuma dangantakarsu ita ce β = α/(1 − α). A ɗauki taransista mai VA na bolt 100 da beta 100, wadda kolektarta ke jan miliamfa 1. Turjiyar mafitarta kusan kilo'om 100 ce. Idan aka tsayar da kwararar bes aka ƙara bolt 10, kwararar kolekta za ta kai kusan miliamfa 1.1, beta ta koma 110, alhali alfa daga 0.9901 zuwa 0.9910 kawai ta gusa. Shi ya sa karkatar layukan take fitowa fili idan kwararar bes aka tsayar, take kusan ɓacewa idan ta emita aka riƙe.

Tsarin lissafin Ebers da Moll na 1954 bai kula da wannan tasiri ba, na Gummel da Poon na 1970 ne ya shigar da shi. Lissafin boltejin Early yana da iyaka, domin idan boltej ya yi yawa har yankin ya cinye bes gaba ɗaya, kwarara takan hau ba tare da bes ya iya sarrafa ta ba.